Me Ya Sa Falanki Ke Kifewa Bayan An Rage Masa Kaya?

A wurin gini, da zarar bango ya wuce tsayin mutum, sai a jawo duro biyu a gindaya falanki a kansu, magini ya hau ya ci gaba da aikinsa. A kan wannan falanki ake ɗora komai: buhun siminti, bulo, kwanon sarki cike da kwaɓi, ga kuma shi kansa maginin yana kai da kawowa. Abin mamaki, falankin da ya wuni ɗauke da wannan kaya lafiya lau yana iya kifewa a daidai lokacin da aka rage masa nauyi. Lebura ya zo ya sauke buhun siminti daga wancan gefe, kafin ka ce kwabo wannan gefen ya yi ƙasa, magini da cokalinsa suna kwance a cikin yashi. Ba a ƙara ko kilo ɗaya ba, ragewa ma aka yi.

Wanda ya ɗauka yawan nauyi ne kaɗai ke kayar da abu, wannan zai ɗaure masa kai. Amsar tana cikin wani lissafi mai sauƙi da ake koyarwa a darasin fizis na sakandare, wanda kuma injiniyan gada ke fara aikinsa da shi. Lissafin yana tambayar abu biyu game da kowane kaya: nawa ne nauyinsa, kuma ina yake zaune.

Ƙarfi da nisa

Makanike ya san wannan a hannunsa. Idan notin taya ya cije, ya ƙi sifana, ba ya zuwa neman wani ƙato. Bututun ƙarfe yake samowa ya zura wa sifanar don hannunta ya ƙara tsawo, sai ya danna da ƙarfin da ya yi amfani da shi ɗazu, notin ya saki. Ƙarfin damtsensa bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne nisan da ke tsakanin hannunsa da notin.

Wannan abin da ke murɗa noti shi za mu kira ƙarfin juyi, kuma ana samunsa ne ta hanyar ninka ƙarfin da aka sa da nisansa daga wurin da abu zai juya. A littattafai ana rubuta shi haka: τ = F × d. Dannawar kilo 20 a kan sifana mai tsawon ƙafa 1 tana ba da 20. Wannan dannawar dai a kan bututu mai ƙafa 3 tana ba da 60. Yaro mai dogon bututu yana iya kayar da babba mai gajeriyar sifana.

Akwai sharaɗi guda game da nisan. Idan makanike ya tura sifanar a tsawonta, yana nufin notin kai tsaye, ko zai shekara yana turawa ba abin da zai juya. Dannawar da ke aiki ita ce wadda ta gitta hannun sifanar. Saboda haka nisan da ake nufi shi ne wanda aka auna daga wurin juyi zuwa layin da ƙarfin ke bi, a miƙe ba a karkace ba. Falankinmu ya sauƙaƙa mana wannan: yana kwance sambal, nauyi kuma kullum ƙasa yake ja, don haka awon da tef ya ba mu a jikin falankin shi ne nisan da muke so.

Ƙarfin juyi yana da ɓangare. Wani yana son juya abu yadda hannun agogo ke tafiya, wani akasin haka, kuma su biyun suna kashe juna. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya rubuta hujjar wannan ƙa'ida: nauyi biyu a kan sanda suna daidaita idan mai nauyin ya matso kusa da madogara gwargwadon yadda ya fi ɗan'uwansa. Kilo 60 a ƙafa 1 yana tsayar da kilo 20 a ƙafa 3, domin kowane ɓangare 60 ya bayar.

Sharuɗɗa biyu

Kafin falanki ya zauna shiru, dole abu biyu su cika. Na farko kowa ya san shi ko da bai taɓa faɗa ba: abin da ke turawa sama ya yi daidai da abin da ke dannawa ƙasa. Idan falanki da kayansa kilo 150 ne, to duro biyun nan a haɗe kilo 150 suke tokarewa, ba ƙari ba ragi.

Amma wannan bai wadatar ba. A ajiye falanki a ƙasa mai santsi, mutum biyu su tsaya, ɗaya a kowane baki. Wannan ya tura gabas, wancan ya tura yamma, da ƙarfi iri ɗaya. Turin gabas ya kashe na yamma, don haka falankin ba zai tafi ko'ina ba, sai dai zai yi ta juyawa a inda yake. Daga nan sharaɗi na biyu ya fito: duk ƙarfin juyin da ke son karkata abu ta wannan ɓangare ya yi daidai da wanda ke son karkata shi ta wancan. Ɗalibai suna ganin su biyun a allo kamar haka: ΣF = 0 da Στ = 0.

Sharaɗin farko ya gaya mana jimillar abin da duro biyun ke ɗauka, bai gaya mana rabon kowanne ba. Zai yiwu 75 da 75 ne, zai yiwu 130 da 20. Na biyun ne ke yin rabon, kuma a rabon ne haɗari yake ɓuya.

Saura nauyin falankin kansa, wanda ba a wuri ɗaya yake ba, yana shimfiɗe ne daga baki zuwa baki. A nan ne ake cin amfanin cewa falankin bai ɗaya ne, kaurinsa da faɗinsa da irin itacensa ba su canza ba a duk tsawonsa. Kowane yanki da ke hagun tsakiya yana da tagwaye a dama, nauyinsu ɗaya, nisansu ɗaya, sai su kashe wa juna juyi. Shi ya sa idan aka ɗora irin wannan falanki a kan bututu a daidai tsakiyarsa yake tsayawa, kuma shi ya sa a lissafi ake ɗaukar nauyinsa duka kamar dunƙule yake a tsakiya. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyi. Sabit bin Ƙurra, masanin da ya yi aiki a Bagadaza ya rasu a 901, ya yi littafi a kan ma'aunin nan mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, kuma cikin abin da ya warware har da yadda za a sa nauyin sandar kanta a lissafi, maimakon a yi kamar ba ta da nauyi.

Mu hau falankin

Mu ɗauki falanki mai ƙafa 12, irin tsawon da aka saba samu a kasuwar 'yan katako, mu ce nauyinsa kilo 30. Duro ɗaya yana bakin hagu, ɗaya yana bakin dama. An ajiye buhun siminti mai kilo 50 a ƙafa 3 daga hagu. Magini mai kilo 70 yana tsaye a ƙafa 9 daga hagu, wato saura ƙafa 3 ya kai duron dama. Jimilla kilo 150. Nawa kowane duro ke ɗauka?

Abubuwan da ba mu sani ba guda biyu ne, kuma dabarar ita ce mu kawar da ɗaya. Tunda falankin ba ya juyawa ta ko'ina, muna da 'yancin zaɓar duk wurin da muka ga dama mu ce daga nan za mu auna juyi, amsar ba za ta canza ba. Mai wayo sai ya zaɓi kan ɗaya daga cikin duron. Idan muka zaɓi na hagu, nisansa daga kansa sifili ne, saboda haka komai yawan abin da yake tokarewa, ƙarfin juyinsa sifili ne, ya fita daga lissafin.

Yanzu mu ɗauka bakin hagu a kafe yake, mu ga abin da ke son danna bakin dama ƙasa. Siminti, 50 sau 3, ya ba da 150. Falanki, wanda nauyinsa ke tsakiya a ƙafa 6, 30 sau 6, ya ba da 180. Magini, 70 sau 9, ya ba da 630. A haɗa, 960. Abu ɗaya ne ke hana wannan juyin, duron dama, wanda ke ƙafa 12. Me za a ninka da 12 a sami 960? Tamanin. Duron dama yana ɗauke da kilo 80. Sharaɗin farko sai ya ƙarasa aikin: 150 a cire 80, saura 70 na duron hagu.

Ana iya tabbatar da amsar ba tare da an tambayi kowa ba. A koma a auna daga duron dama. Magini yanzu yana ƙafa 3, ya ba da 210. Falanki har yanzu 180. Siminti yana ƙafa 9, ya ba da 450. Jimilla 840, a raba gida 12, a sami 70. Ɗalibin da ya saba yin wannan juyawar ba ya fita daga ɗakin jarrabawa da amsar da bai tabbatar ba. Kurakuran da ta fi kamawa kuwa sanannu ne: an manta nauyin falankin gaba ɗaya, ko an zaɓi wurin juyi a nan amma an ci gaba da auna nisa daga can.

Idan aka duba kowane kaya shi kaɗai, za a ga tsarin rabon. Buhun siminti yana rubu'in hanya daga hagu, sai duron hagu ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na nauyinsa, kilo 37 da rabi, na dama ya ɗauki 12 da rabi. Duron da ya fi kusa da kaya shi ya fi jin jiki. Yayin da magini ke takawa daga hagu zuwa dama, nauyinsa yana zarewa a hankali daga wannan duro yana komawa wancan, ba tare da jimillar ta motsa ba. Muddin duro biyun suna baki da baki, duk inda aka ajiye kaya yana tsakaninsu ne, kowanne yana samun rabonsa, kuma falankin ba shi da hanyar kifewa. Yana iya karyewa, za mu zo kan wannan, amma ba zai kife ba.

Lokacin da falanki ya zarce duro

A wurin gini ba kullum ake samun yadda ake so ba. Akwai kwata a daidai inda duron dama ya kamata ya zauna, sai a matso da shi ciki, zuwa ƙafa 9 daga hagu. Yanzu ƙafa 3 na falankin suna reto a iska. Duk wanda ya taɓa zama a bakin bencin mai shayi, abokan zama suka miƙe lokaci ɗaya, ya san abin da ke tafe.

Mu fara da falanki ba kaya. Wannan karon daga duron dama za mu auna, domin a kansa falankin zai juya idan zai kife. Cibiyar nauyi tana ƙafa 3 a hagun duron: 30 sau 3, wato 90. Duron hagu yana ƙafa 9, saboda haka kilo 10 kacal yake ɗauka, na dama yana da 20. Tun kafin kowa ya hau, rabon ya karkace.

Magini ya hau ya taka ya wuce duron dama. Nauyinsa yanzu ba ya danna bakin hagu, ɗaga shi yake. A ƙafa 1 bayan duron, juyinsa 70 ne, na falanki 90. Ratar 20 ce, a raba ta gida 9, abin da ya rage a kan duron hagu bai wuce kilo 2 da 'yan kai ba. Shi maginin ba zai ji komai ba, falankin yana nan shiru kamar da. Ya ƙara inci uku da rabi, juyinsa ya kai 90, nauyin da ke kan duron hagu ya zama sifili. Wannan shi ne ainihin ma'anar bakin kifewa: lokacin da ɗaya madogarar ta daina ɗaukar komai. Falankin yana taɓa duron hagu, amma ko takarda aka sa a tsakaninsu za a zare ta. Taku kaɗan gaba, sai faɗuwa.

Abin tsoron shi ne babu gargaɗi. Itacen da zai karye yakan lanƙwasa, yakan yi ƙara. Wanda zai kife kuwa yana zaune lafiya har zuwa incin ƙarshe.

Yanzu a mayar da buhun siminti inda yake ɗazu, ƙafa 3 daga hagu, wato ƙafa 6 daga duron dama. Ya ba da 300, a haɗa da 90 na falanki, 390 ke riƙe da ɓangaren hagu. Magini ya je can ƙarshen baki ya tsaya, 70 sau 3, 210. Hagu ya rinjaya da 180, wanda ke nufin duron hagu yana ɗauke da kilo 20, na dama da 130. Yana iya wuni a nan yana shafe. Ko an miƙo masa kwanon sarki mai kilo 25, juyinsa 285 ne, bai kai 390 ba. Sai lebura ya buƙaci siminti, ya rungumi buhun ya sauke. A take 390 ya koma 90, alhali 210 yana nan. Shi ke nan.

Ba ma sai an sauke buhun ba. Don a tsayar da maginin a baki ana buƙatar ƙarin juyi 120 a kan na falanki. Buhu mai kilo 50 yana ba da 120 ne a nisan ƙafa 2 da kusan inci 5 daga duron dama. Idan maginin ya ce a jawo masa buhun kusa don ya huta da tafiya, kuma aka jawo shi ya wuce wannan iyaka, sakamakon ɗaya ne da saukewa. A ɗaya ɓangaren kuma, a can bakin hagu, ƙafa 9 daga wurin juyi, kilo 14 ma ya isa ya yi aikin da buhun ke yi. A ganina duk magini ya kamata ya san wannan ko da bai san sauran ba: abin dannewa a can nesa ake ajiye shi, kuma ba a yin abin dannewa da kayan da ake ɗiba ana aiki da su.

Ɗalibi zai iya cin karo da wani abu a nan. Idan ya lissafa rabon duron hagu bayan an sauke buhun, zai sami 90 a cire 210, a raba gida 9, amsar ta faɗa ƙasa da sifili da kilo 13 da ɗoriya. Ba kuskure ya yi ba. Lissafin yana cewa ne, don falankin ya zauna, dole duron hagu ya ja shi ƙasa da kilo 13 ɗin nan. Duro kuwa tokarewa kawai ya iya, ba ya ja. Sai dai idan an ɗaure falankin a jikinsa da igiya, kuma a lokacin tambayar ta koma kan nauyin duron. Idan wofi ne, nauyinsa bai fi abin da ake nema da wani abin kirki ba, yana iya tashi tare da falankin. Idan an cika shi da ruwa lita 200, an ƙara masa kilo 200, ba inda za shi. A wannan yanayin duron dama zai ɗauki kilo 113, ya fi nauyin magini da falanki a haɗe, domin har da jan igiyar yake tokarewa.

A makaranta ba a yin wannan lissafi da kilo da ƙafa, da niwton da mita ake yi. Nauyin kilo 1 kimanin niwton 9.8 ne, ƙafa 3 kuma ta ɗan haura santimita 91. Magini a bakin falanki yana ba da kusan niwton-mita 630, wanda ya ninka sau biyar ko shida abin da ake ɗaure notin tayar ƙaramar mota da shi. Rabon da muka samu bai canza ba, tunda ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi a ɓangarorin biyu.

Inda takarda ta bambanta da filin aiki

Mun ɗauki duro kamar ɗigo, alhali faɗin bakinsa ya kusa ƙafa 2. Idan falanki zai kife, a kan gefen duron na waje yake juyawa, don haka daga wannan gefen ake auna abin da ya zarce. Mun kuma ɗauka falankin bai ɗaya ne. Wanda gefensa ɗaya ya sha ruwa, ko busasshen siminti ya manne masa, ko azarar da gindinta ya fi kanta kauri, cibiyar nauyinsa ta gusa daga tsakiya. Gano ta ba wuya: a ɗora shi a kan bututu a yi ta matsawa har ya tsaya, a yi alama, daga alamar za a auna. Idan gefen mai nauyi ne aka bari yana reto, iyakar da magini zai taka ta ƙara matsowa.

Lissafin kuma na abin da ke tsaye cik ne. Mutumin da ya diro kan falanki, ko ya cafe bulon da aka jefo masa, na ɗan lokaci yana danna shi fiye da nauyinsa. Wanda ke inci biyu daga iyaka, wannan ya isa. Haka nan duron da ke ɗauke da kilo 130 a kan sabon cikon yashi yana iya nutsewa ta gefe guda, abin da ba zai yi da kilo 75 ba.

To me zai hana a ƙara duro na uku a tsakiya a huta? Ƙarawar tana da amfani, amma tana fitar da mu daga wannan lissafi. Sharuɗɗanmu biyu ne, kuma abubuwa biyu kawai suke iya warwarewa. Da madogara uku, rabon ya dogara ga yadda itacen ke lanƙwasa da kuma wace madogara ce ta fi sauran tsayi, ko da rabin inci ne. Galileyo ya ba da labarin da ya dace da nan a littafinsa na 1638 kan sababbin fannonin kimiyya biyu. An kwantar da wani babban ginshiƙin marmara a kan katako biyu kusa da bakunansa. Wani ma'aikaci ya ji tsoron kada ya karye a tsakiya, ya sa katako na uku a can. Bayan wasu watanni aka tarar ginshiƙin ya tsage a daidai kan sabon katakon. Ɗaya daga cikin na bakin ya ruɓe ya nutse, rabin ginshiƙin ya koma yana reto a iska a kan na tsakiya. Da biyun farko ne kawai, da ginshiƙin ya bi wanda ya nutse ya sauka a hankali.

Zama daban, karyewa daban

Sharuɗɗan biyu suna iya cika tsaf, falanki kuma ya karye, domin ba su tambayi ƙwarin itace ba. Sai dai hanyar gane inda zai karye ita ma ta ƙarfin juyi ce. A ajiye nauyin falanki gefe, magini ya tsaya a tsakiyar ƙafa 12. Kowane duro yana tura kilo 35 sama daga nisan ƙafa 6, don haka itacen da ke ƙarƙashin ƙafarsa yana jure lanƙwasar 210. A matso da duro biyun tazararsu ta koma ƙafa 6, lanƙwasar ta koma 105, lotsawar kuma ta ragu har zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa magina ke son matso da duro ciki. Amma kowace ƙafa da aka rage a tsakiya, an ƙara ta ne a abin da ke reto a baki. An rage haɗarin karyewa, an sayi na kifewa. Maganin shi ne a matso da su, sannan a hana kowa taka abin da ya zarce, ko a ɗaure bakunan.

Akwai kuma bambanci a yadda itacen ke shan wahala. Tsakanin madogara biyu, falanki yana lotsawa ƙasa, samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, kuma daga ƙasan tsagewa ke farawa. A kan duron da falanki ya zarce kuwa abin ya juye: bakin yana sunkuyawa, saman itacen ne ke miƙewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai gini da kankare, domin kankare yana jure matsi sosai amma yana da rauni wajen ja, kuma rodi ake sa masa don ya ɗauki jan. A linta da ke zaune kan bango biyu, babban aikin rodi yana ƙasa. A baranda da ta fito daga jikin bene ba ginshiƙi a bakinta, jan yana sama, don haka manyan rodin a sama suke zama, kuma dole su shige cikin dakin ɗin ɗaki da nisa, domin nauyin cikin shi ne buhun simintin da ke danne ta.

Abin da yakan faru shi ne, a ɗaura rodin a sama yadda ya kamata, sai ranar zuba kankare leburori su yi ta taka shi har ya kwanta a ƙasa. Ba a ganin illar sai an cire katakon tokara, tsaga ta bayyana a saman barandar a daidai inda ta haɗu da bango. Mai gida, idan kana gina bene mai irin wannan baranda, ka je da kanka ranar zubi ka leƙa. In ka ga rodin kwance a kan katako, ka tsayar da aikin a kira injiniya kafin a zuba ko kwano ɗaya.